Yadda ake gina samfurin PowerPoint da ma'aikata za su yi aiki da shi ba tare da mai zane ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce jami'ar yaɗa labarai a wata ƙungiya mai ma'aikata wajen arba'in, muna da ofis a Kano da Katsina. Duk wanda zai yi gabatarwa sai ya zo da launinsa da salon rubutunsa, tambarinmu ma wani ya ja shi ya yi tsawo, wani ya matse shi. Na taɓa tsara fayil ɗaya mai kyau na raba wa kowa, amma cikin wata biyu ya watse. Ba mu da kuɗin ɗaukar mai zane. Ta yaya zan yi samfurin da zai ɗore? Launinmu kore ne da ruwan zinari, kuma muna rubutu da Hausa da Turanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kusan duk fayil ɗin da ya watse haka, dalilinsa ɗaya ne: an yi adon a kan shafukan da ake gani, ba a yi shi a ƙarƙashinsu ba. PowerPoint yana da hawa uku. A can ƙasa akwai uwar shafi, wadda allo ke kira Slide Master. A kanta akwai tsare-tsaren shafi, wato Layouts, kowanne yana gadon kamanninsa daga uwar. Sai shafukan da ma'aikaci yake rubutu a kai, su kuma suna gado daga tsarin da aka zaɓa musu. Idan kika manna tambari a shafin da ake gani, kika zana akwatin rubutu da hannu kika ba shi launi, to duk wanda ya danna New Slide zai samu farin shafi irin na kowa, babu tambari babu launi. Daga nan sai ya fara kwafo abubuwa daga wani shafi yana jan su da linzami, kuma nan ne tambari yake miƙewa. Abin da za ki yi shi ne ki sauke komai zuwa hawa biyun ƙasa, har ya zama ma'aikaci ba shi da abin zaɓa sai tsarin shafi da kalmomin da zai rubuta.

Ki yi aikin a PowerPoint na kwamfuta, ba na waya ko na burauza ba, kuma ki fara da sabon fayil fari fat. Kada ki ɗora a kan tsohon, domin tsohon fayil yakan ɗauko tarkacen da ba a gani. Jerin aikin yana da muhimmanci: girman shafi, sannan launi, sannan haruffa, sannan uwar shafi, sannan tsare-tsare. Duk matakin da aka tsallake sai an dawo an warware abin da aka gina a kansa.

Girman shafi ba ya ɗaukar lokaci. Ki shiga Design, ki danna Slide Size, ki tabbatar yana kan Widescreen 16:9, wanda shi ne PowerPoint yake buɗewa da shi tun fitowar 2013. Faɗinsa santimita 33.87, tsayinsa 19.05. Ko da akwai tsohon majigi mai 4:3 a ɗaya daga ofisoshinku, ki bar shi a 16:9. Baƙin layi ne kawai zai fito sama da ƙasa. Canza girma bayan an gama gini shi ne yake motsa komai daga mazauninsa, wani lokaci ya matse hotunan da ke uwar shafi.

Launi kuwa wuri ne da ya kamata ki zauna a kansa. Ki shiga View, ki danna Slide Master, sannan Colors, sannan Customize Colors. Za ki ga gurabe goma sha biyu: huɗu na rubutu da bango, shida masu suna Accent 1 zuwa Accent 6, biyu na mahaɗin intanet. Mutane da yawa suna ɗauka jerin ado ne kawai, alhali kowane gurbi da aikinsa. Rubutu yana ɗaukar Dark 1. Bangon shafi yana ɗaukar Light 1. Duk siffar da ma'aikaci ya zana, akwati ko kibiya, tana cika da Accent 1, rubutun cikinta kuma ya zo da Light 1, wato fari. Jadawalin da aka saka da Insert Table shi ma kansa yana zuwa da Accent 1. Zanen alƙaluma kuma, wato Chart, yana bin jerin ne ɗaya bayan ɗaya: rukuni na farko Accent 1, na biyu Accent 2, haka har shida. Idan gurabe goma sha biyun nan suka zauna daidai, ma'aikacin da bai san komai game da launinku ba zai saka jadawali ya fito da launin ƙungiya da kansa.

Wannan ne ya sa ruwan zinarinku ba zai zauna a Accent 1 ba. Ƙa'idar da ake kira WCAG ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Kore mai duhu irin 0B6B3A da fari suna ba da sama da 6 bisa 1, ya wadatar. Ruwan zinari irin F2B705 da fari ba su kai ko 2 bisa 1 ba. A allon kwamfutarki za ki iya karanta shi da ƙyar, amma a ɗakin taro da rana, tagogi a buɗe, majigi yana haska bango, rubutun zai ɓace gaba ɗaya. Saboda haka kore ne na farko, zinari na biyu, kuma zinarin na cika siffa ne da jan layi, ba na rubutu ba. Ga misalin yadda za ki cika guraben, ki musanya koren da zinarin da ainihin lambobin tambarinku:

```
Dark 1    1F1F1F      Accent 1  0B6B3A
Light 1   FFFFFF      Accent 2  F2B705
Dark 2    08402A      Accent 3  1F4E79
Light 2   F3F1E7      Accent 4  B5482A
Hyperlink 1F4E79      Accent 5  6B7280
Followed  6B7280      Accent 6  7FB896
```

Idan PowerPoint ɗinki tsoho ne ba shi da wurin rubuta Hex, wato irin waɗannan lambobin masu haɗe da haruffa, ki shigar da lambobin RGB: koren nan 11, 107, 58 ne, zinarin kuma 242, 183, 5. Ƙungiyarku launi biyu gare ta, amma kada ki cika sauran gurabe huɗun da kore kala-kala don su yi kama da juna. Ranar da wani zai nuna alƙaluman ƙananan hukumomi biyar a zane ɗaya, dole mai kallo ya iya rarrabe su daga kujerar baya, har da wanda idonsa ba ya bambanta ja da kore sosai. Shi ya sa na jera mai duhu da mai haske bi da bi a farkon jerin. Sannan kada ki sa koren ƙungiya a Dark 1 da niyyar rubutu ya zama kore. Duk lambobin da ke gefen zanen alƙaluma da duk rubutun cikin jadawali za su koma kore, ido ya gaji. Idan kina son kanun shafi ya zama kore, ki ba gurbin kanu launin Dark 2 a uwar shafi, shi ke nan.

Daga yanzu, duk launin da za ki ba wani abu a cikin samfurin ki ɗauke shi daga layin sama na Theme Colors. Kada ki ɗauka daga More Colors ko Eyedropper, ko da launin iri ɗaya ne a ido. Wanda aka ɗauka daga layin sama yana ɗaure da gurbinsa, ranar da kuka sauya koren sai ya bi. Wanda aka ɗauka da hannu ya kafe ke nan.

Sai haruffa, kuma a nan ne masu rubutu da Hausa suke da matsalar da wasu ba su da ita. A wuri ɗaya da Colors akwai Fonts, ki danna Customize Fonts. Gurbi biyu ne: Heading font na kanu, Body font na jikin rubutu. Kafin ki zaɓi kowane salo, ki rubuta wannan layin a shafi, ki ba shi salon, ki ƙara girmansa zuwa 60:

```
Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ₦ ƙarƙashi karɓaɓɓe ɗaɗɗaya
```

Ki duba shi a yadda yake, sannan da kauri, sannan a karkace. Idan salon ba shi da haruffa masu lanƙwasa, PowerPoint ba zai gaya miki ba. Zai aro ƙ da ɗ daga wani salo daban ya cusa a tsakiyar kalma, sai ki ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa siranta ko tsawo, ko ya ɗan sauka daga layi. Wani lokacin akwati ne kawai zai fito a madadinsa. Yawancin salon ado da ake saukewa kyauta suna faɗuwa a wannan gwajin. Arial da Segoe UI da ke zuwa da Windows suna da haruffan, haka ma Noto Sans. Na sa ƴ a layin domin idan kuna aiki da abokan hulɗa a Maraɗi ko Damagaram, su da ita suke rubutu a inda muke rubuta 'y.

Sharaɗi na biyu shi ne salon ya kasance a kwamfutar kowa. Aptos, wanda ya maye gurbin Calibri a sababbin Microsoft 365, ba ya cikin Office 2016 ko 2019. Idan ke kina da sabo, ofishin Katsina suna da tsoho, kwamfutarsu za ta musanya shi da wani salo mai faɗi daban, kanun da ya zauna a layi ɗaya ya koma biyu, rubutu ya zubo daga gurbinsa. Akwai Embed fonts in the file a cikin File, Options, Save, wanda yake cusa salon a cikin fayil, amma yana ƙara nauyi, ba kowane salo ne lasisinsa ya yarda a cusa shi ba, kuma ba kowace manhaja ce take karanta shi ba. Ga ƙungiyar da ba ta da mai kula da kwamfutoci, shawarata Arial ce a gurabe biyun. Ba shi da wani ƙawa, na yarda, amma yana nan a Windows da Mac da Google Slides, kuma fayil ɗin da ya buɗe daidai a kwamfutar da aka ara a wurin taro ya fi wanda ya yi kyau a kwamfuta ɗaya. Bayan kin saita, ki duba akwatin sunan salo: dole ya nuna Arial tare da kalmar Headings ko Body a gefensa. Idan Arial kawai ya nuna, an kafa shi da hannu ne, bai ɗaure da samfurin ba.

Yanzu uwar shafi. A gefen hagu, ita ce babba ta can sama. Ƙananan da ke ƙarƙashinta su ne tsare-tsare. Kuskuren da aka fi yi shi ne PowerPoint yakan buɗe miki a kan ɗaya daga ƙananan, ki yi ta gyara kina zaton uwar ce. Ki haura sama ki danna babbar tukuna. Maimakon jan gurabe da linzami, ki danna maɓallin dama, ki zaɓi Size and Position, ki rubuta lambobi. Ki bar santimita 1.5 a hagu da dama, sai faɗin wurin aiki ya zama 30.87. Gurbin kanu ya fara daga 1.5 a kwance da 1.0 a tsaye, faɗinsa 27.5, tsayinsa 2.7, girman haruffa 28. Wannan tsayin yana ɗaukar layi biyu, kuma ana bukatarsu, domin jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, kanu mai faɗin magana irin "Yara 3 cikin 4 sun dawo karɓar allura ta biyu" ba koyaushe yake tsayawa a layi ɗaya ba. Ki sa Vertical alignment a Top. Idan aka bar shi a tsakiya, kanu mai layi ɗaya da mai layi biyu ba sa farawa a wuri ɗaya, sai a ga yana tsalle duk lokacin da aka juya shafi.

Gurbin jikin rubutu ya fara daga 1.5 da 4.1, faɗi 30.87, tsayi 12.9, sai ya ƙare a 17.0. Abin da ya rage a ƙasa na lambar shafi ne da sunan ƙungiya, daga 17.6, da girman 10 ko 11. A cikin gurbin jiki za ki ga matakai biyar na rubutu. Ki ba na farko girman 20, na biyu 18, na uku 16, sauran biyun 14. Kada ki goge na huɗu da na biyar don ba kwa amfani da su. Ranar da wani ya kwafo shafi daga waje mai mataki huɗu, zai fito da girman da ba ki tsara ba. Abu ɗaya ƙarami da yake bambanta aikin gwani: kowane gurbin rubutu yana da tazarar ciki ta santimita 0.25 a hagu da dama. Idan ba ki mayar da ta hagu sifili ba, rubutu zai fara a 1.75 yayin da hoto ko jadawali zai fara a 1.5, gefen shafin ya karkace kaɗan, mai kallo ya ji wani abu bai daidaita ba ko da bai san mene ne ba.

A wannan tagar dai akwai zaɓi uku kan abin da zai faru idan rubutu ya yi yawa. Jikin rubutu yana zuwa a kan Shrink text on overflow, wato yana ƙanƙanta haruffa da kansa. Ni na fi son Do not Autofit. Idan aka bar shi yana ƙanƙantawa, mutum zai kwafo sakin layi uku daga rahoto ya zuba, haruffa su sauka zuwa girman da ba a karantawa daga layi na uku na kujeru, shi kuma bai ga wata matsala ba. Idan rubutun ya zubo ƙasa ya hau kan lambar shafi, nan take zai gane ya yi yawa, ya rage ko ya raba shafin biyu.

Tambari a uwar shafi ake sa shi, sau ɗaya. Ki nemi fayil ɗin PNG mai bango fayau, ba wanda aka ɗauko daga hoton WhatsApp mai farin akwati a bayansa ba. Ki sa faɗinsa 2.8, ki tabbatar Lock aspect ratio yana kunne, ki ajiye shi a 29.57 a kwance don gefensa na dama ya yi daidai da iyakar wurin aiki. Da zarar yana can, ma'aikaci ba zai iya ko taɓa shi daga shafin da yake rubutu ba, ballantana ya miƙa shi. A tsarin shafin farko da na raba sassa, inda bango kore ne kuma kina son babban farin tambari, ki danna Hide Background Graphics a wannan tsarin kaɗai, sannan ki sa farin tambarin a kansa.

Tsare-tsaren da PowerPoint yake zuwa da su goma sha ɗaya ne. Takwas ko tara sun ishe ku. Ki riƙe Title Slide, Title and Content, Section Header, Two Content, Title Only da Blank, ki goge na rubutun tsaye guda biyu da sauran da ba ki da niyyar gyarawa. Tsarin da aka bari ba a gyara ba, wani zai zaɓe shi wata rana. Kafin ki ƙara naki, ki tattaro gabatarwa goma da ma'aikatanku suka yi a bara ki ga irin shafin da suke maimaitawa. A ƙungiya irin taku yawanci za a samu uku: hoton aiki a gefe da bayani a gefe, babbar lamba ɗaya ko uku da ɗan bayani a ƙasa, sai shafin tamburan masu ba da tallafi. Waɗannan su za ki gina da Insert Layout.

Mu ɗauki na hoto da bayani. Faɗin wurin aiki 30.87, a cire tazarar santimita 1 a tsakiya, a raba biyu, kowane ɓangare ya samu 14.9. Na hagu ya fara daga 1.5, na dama daga 17.45, dukansu daga 4.1 a tsaye da tsayin 12.9. A hagu ki danna Insert Placeholder ki zaɓi Text, a dama ki zaɓi Picture. Ki lura sosai: Insert Placeholder, ba Text Box ɗin da ke ƙarƙashin Insert ba. Akwatin rubutu da aka zana a kan tsari yana zama kamar fenti a bango, ma'aikaci zai gan shi amma ba zai iya rubutu a ciki ba. Gurbi na gaske shi ne yake fitowa a shafi yana jiran a cika shi. Amfanin gurbin hoto kuwa babba ne: duk hoton da aka sa, na tsaye ko na kwance, yana yanke gefensa ya cika gurbin ba tare da ya matse fuskar mutane ba, kuma idan yankan bai yi ba sai a danna Crop a gyara zamansa. Sannan ki goge rubutun "Click to edit Master text styles" da ke cikin gurbin a kan tsarin, ki rubuta umarninki da Hausa, kamar "Rubuta abu uku kacal, kowanne layi biyu". Wannan rubutun yana bayyana ga mai aiki ne kawai, ba ya fitowa a majigi ko a takarda, kuma ya fi kowane littafin ƙa'ida tasiri domin yana gaban mutum a daidai lokacin da yake rubutu.

Sababbin tsare-tsaren ki ba su suna da Hausa yadda kowa zai gane, ta Rename Layout. Amma shidan da kika riƙe ki bar musu sunayensu na asali. Dalili shi ne idan aka kwafo shafi daga tsohon fayil zuwa sabon samfuri, PowerPoint yana neman tsarin da ya dace da wanda shafin ya taho da shi, kuma suna yana cikin abin da yake dubawa. Idan bai samu ba, sai ya jawo tsohon tsarin ya ƙara a cikin naku, da lamba a gaban sunansa, irin 1_Title and Content. Idan kika buɗe jerin Layout a fayil ɗin wani kika ga irin waɗannan sunaye sun yi yawa, alamar an yi ta kwafe-kwafe ce.

Ki rufe Slide Master, saura abubuwa uku da ake mantawa. Na farko, ki zana akwatin rubutu, ki ba shi girman 18 da launin Dark 1, ki danna maɓallin dama ki zaɓi Set as Default Text Box. Ki yi haka ga siffa da Set as Default Shape, da layi da Set as Default Line, sannan ki goge su. Mutane za su zana abubuwa da hannu ko kin so ko kin ƙi, gara abin da suka zana ya fito da kamanninku. Na biyu, lambar shafi ba ta fitowa don kawai tana uwar shafi; sai kin shiga Insert, Header & Footer, kin kunna Slide number, kin danna Apply to All kafin ki adana. Na uku, ki bar shafuka biyar ko shida na misali a ciki, kowanne an cika shi daidai ta hanyar gurabensa, har da zanen alƙaluma ɗaya da jadawali ɗaya. Idan akwai hoto a cikinsu, ki matse shi da Compress Pictures zuwa 150 ppi. Samfurin da ya wuce megabait biyu, duk fayil ɗin da aka haifa daga gare shi zai gaji nauyin, kuma masu aiki a ƙauyuka da datar waya suke turawa.

Ki adana da Save As, ki zaɓi PowerPoint Template, wato .potx. Bambancinsa da .pptx shi ne idan aka danna shi sau biyu, sabuwar gabatarwa marar suna yake buɗewa, asalin yana nan ba a taɓa ba. Wannan ya shafe ki ke ma: ranar da za ki gyara samfurin, ta File da Open za ki buɗe shi, in ba haka ba kwafi za ki yi ta gyarawa. Duk wanda ya ajiye shi a foldar Custom Office Templates da ke cikin Documents zai gan shi a File, New, ƙarƙashin Personal ko Custom. Idan kuna da Microsoft 365 na ƙungiya da SharePoint, mai kula da asusun yana iya sa shi ya bayyana wa kowa da umarnin Add-SPOOrgAssetsLibrary. Masu aiki da Google Slides kuma, ki ɗora musu kwafin .pptx a Drive, ki duba shi da idonki bayan ya buɗe, ki ba su mahaɗin da kika canza ƙarshensa daga /edit zuwa /copy, sai kowa ya samu nasa kwafin maimakon ya yi rubutu a kan na kowa.

Kafin ki raba, ki gwada da mutum biyu, ɗaya daga cikinsu wanda ya fi kowa ƙarancin sabo da kwamfuta. Ki ba su rahoton shafi biyu, ki ce su mayar da shi gabatarwa mai shafi shida, kada ki ce musu komai, ki zauna kina kallo. Duk inda hannunsu ya tafi neman Text Box, akwai tsarin da ya ɓace ko sunan da ba su gane ba. Bayan sun gama, ki zaɓi duk shafukan ki danna Reset da ke Home. Wannan maɓallin yana mayar da kowane gurbi mazauninsa da kamanninsa na asali. Idan shafukan suka zauna cas, ginin ya yi. Idan kanu ya yi tsalle ko launi ya canza, akwai abin da kika gyara a shafi maimakon a tsari, ki koma ki sauke shi ƙasa. Ki kuma buɗe View, Outline View: duk kanu da jikin rubutun da suke cikin gurabensu za su bayyana a jerin, shafin da ya fito fanko a can kuwa an rubuta shi ne a akwatin hannu. Daga ƙarshe ki kai fayil ɗin kwamfuta mafi tsufa a ofis, ki haɗa ta da majigi da rana tsaka.

Horon ma'aikata bai wuce minti talatin ba, kuma abu huɗu ne: a fara daga samfuri, a zaɓi tsari ta kibiyar New Slide, a danna Reset idan abu ya rikice, sannan wajen manna shafi daga wani fayil a zaɓi Use Destination Theme. Na ƙarshen nan shi ne yake kashe samfura. Wanda ya zaɓi Keep Source Formatting ya jawo uwar shafin wancan fayil ɗin gaba ɗaya da launinta da haruffanta, cikin 'yan watanni ki samu fayil mai uwaye biyar, kowa yana gado daga wadda ya ci karo da ita. Maganinsa a zaɓi shafukan baƙin, a ba su tsari daga naku ta Layout, sannan a shiga Slide Master a goge uwayen da ba naku ba.

Akwai iyaka biyu da ya kamata ki sani tun yanzu. Samfuri ba kwaɗo ba ne. Duk wanda ya san hanyar Slide Master zai iya shiga ya canza nasa kwafin. Sannan kowace gabatarwa tana tafiya da kwafin samfurin na ranar da aka fara ta, don haka gyaran da kika yi gobe ba zai shiga fayilolin jiya ba. Ki sa shekara da lamba a sunan fayil ɗin, ki ajiye shi a wuri ɗaya tak, ki cire tsohon duk lokacin da sabo ya fito. Tsohuwar gabatarwar da ake son ta koma sabon kamanni, a buɗe ta, a shiga Design, a buɗe jerin Themes, a zaɓi Browse for Themes, a nuna sabon .potx ɗin, sannan a bi shafukan da Reset. Abin da ke cikin gurabe zai sauya nan take, wanda aka zana da hannu da launin da aka kafe kuwa sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya.